Sai Dai Kada Ku Kira Kawu Tukuna

Ina auna wa wani manomi maganin feshi a shagon kawuna a Maiyama saƙon ya shigo wayata. Daga matar da ta yi mana intabiyu a Jega ne, wadda ke ɗaukar ma'aikata ga wata ƙungiya mai taimaka wa manoman albasa. Ta ce na tsallake zuwa matakin ƙarshe, amma suna son izinina a rubuce kafin su bincika takarduna a makarantar da na karanta aikin gona a Aliero, su kuma tuntuɓi inda nake aiki.

Batun makaranta bai dame ni ba. Inda nake aikin ne damuwar, don Kawu bai san ina neman barin shagon ba. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, kuma tunda gwiwa ta fara damunsa ya sakar mini komai. Ban so ya ji maganar daga bakin baƙuwa a waya ba. Ban kuma so in tayar masa da hankali kan aikin da ban samu ba tukuna.

Na yi ta jinkiri har matata ta ce, "In ka yi shiru za su ɗauka wani abu kake ɓoyewa. Kira ta mana."

Na kira, na yi ta kame-kame kafin na faɗi gaskiya.

"Wannan ba komai ba ne, Malam," in ji matar. "Ba ma kiran kowa sai da yardarka. Ka sa hannu a kan na makaranta, ka rubuta cewa a dakata da wurin aikinka sai an gama sauran."

Haka na yi, na ɗauki hoton takardar na tura mata. Ranar na ci tuwo sosai.

Bayan 'yan makonni ta kira ta ce makaranta ta tabbatar da sakamakona, saura Kawu kawai. Bayan la'asar na same shi a ƙofar gida ya miƙe ƙafa a kan tabarma. Na durƙusa na faɗa masa, idona a ƙasa. Ya ɗago ya dube ni.

"Kai, yaron ga," ya ce. "Karatun da ka yi, don ka tsuhwa kana auna magani ne? Ba ta lambata."

Washegari ta kira shi ina tsaye a wurin. Ya gaya mata ban taɓa taɓa masa kaya ba, amma ina da gardama kan yawan taki, kuma ba na son tashin asuba. Ina jiyo dariyarta ta cikin wayar.

Da ya kashe wayar, sai ya ce idan sun ɗauke ni, in roƙe su su bar ni har a gama dashen albasa, in koya wa ɗansa sirkin magani. Da suka ba ni aikin na roƙa, suka yarda.