Mai Aski da Tsohon Kafintansa

Mai askin bakin kasuwa ya gāji almakashi a wurin mahaifinsa, amma ciwon rubutu shi kansa bai san inda ya kwaso shi ba. Shagon nasa kujera ɗaya ce, da madubi mai tsaga a gefe, da dogon benci inda 'yan zaman hira suka fi masu aski yawa. Da an ɗauke wuta injin ya yi shiru, sai ya zaro waya ya karanta musu labarin da ya rubuta. Bai taɓa neman a buga masa littafi ba. Kunnuwan bencin nan su ne duk abin da yake taƙama da shi.

Rana ɗaya ya yi asararsu. Ya rubuta labarin wani attajiri da ke ba da tarihinsa da bakinsa, motoci, gidaje, barori. Sai a shafin ƙarshe aka ce ai duk ƙarya ce, mutumin ko keke ba shi da shi. Mai aski ya ɗaga kai yana jiran tafi, ya ga an yi tsuru-tsuru.

Kawunsa, tsohon direba mai gefen benci na dindindin, ya ce, "Kai ɗan nan, raina mana hankali ka yi. Mun bi mutum tiryan-tiryan ko tuntuɓe bai yi ba, sannan ka ce ƙarya ce? Ai ba shi ya yi mana ƙarya ba, kai ne."

Tun daga ranar, da ya taɓa aljihu zai zaro waya sai kowa ya tuna an aike shi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Wata safiya yana gyara wa Kawu gemu, tsohon ya shiga yabon babban ɗansa kamar kullum. "Yaron nan ba ya son in wahala. In na ce zan zo, sai ya ce, Baba, yi zamanka. Da na je bara, ɗakin bakin ƙofa ya ba ni don kada jikoki su dame ni. Na ce zan yi wata guda, washegari ya kai ni tasha da kansa, wai kada in yi kewar gida."

Hannun mai aski ya tsaya cak. Kawu bai faɗi ƙarya ko ɗaya ba, duk abin da ya ce ya faru. Fassarar ce kawai tasa, kuma ya yarda da ita. Amma duk wanda ke kan benci ya ji labari na biyu a ƙarƙashin na farko.

Ya koma ya sake rubutu, yana jin kunyar satar da ya yi. Ya mai da direba kafinta, ya mai da ɗa 'ya. Ya bar kafintan ya riƙa faɗin gaskiyar abin da ya faru yana yi mata kwalliya. Tsagar farko a zancen kafintan ya yi ta ƙarama, wadda kowa zai yi wa uzuri. Can gaba, mutumin da ya ce 'yarsa kullum tana kiransa ya ɗauki waya bai gane muryarta ba, ya ɗora wa kunnensa laifi. Duk inda mai aski ya ga ya tsoma nasa bakin yana bayani, sai ya goge.

Da ƙyar ya samu suka zauna, shi ma don ana ruwa ne babu wurin gudu. Tun ana kallon rufi har aka soma gyara zama. Wani tela ya ce, "Anya kuwa?" Da aka zo wurin wayar, wani ya yi dariya, dariyar ta mutu a hanya. Mai aski ya gama ba tare da ya tona komai ba, bai yarda ya dubi Kawu ba sai ta cikin madubi.

"To, yanzu ka yi labari," in ji Kawu. "Ni tun farko na harbo jirginsa. Bawan Allah, yarinya ta gaji da shi bai sani ba."

Tela ya ce, "Ka ƙara shafi ɗaya mana, ya gane gaskiya."

Kawu ya juya wayarsa a tafin hannu, ya dubi gilashinta, ya mai da ita aljihu.

"A'a," ya ce a hankali. "Wa ya ce maka bai gane ba? Ku bar tsoho da labarinsa."