Hancin Aro

"Ni ba hancinka ba ce! Ka ji ko? Ɗauke min wannan ƙyallen daga kan tirena."

Muryar matar maƙwabcina ce. Bangon da ya raba ɗakina da nasu bulo ɗaya ne, ko cokali suka yar sai na ji. Na dawo daga aiki ke nan bayan la'asar, ina cire takalmi.

"Ki yi a hankali mana," in ji shi. "Sansanawa kawai za ki yi. Da ƙauri ko babu? Shi ke nan fa."

"Kullum shi ke nan ne. Ni in shaƙi man giya har kaina ya yi ciwo, kai kuma ka je gareji ana ce maka Mai Hanci, kana wani gyara hula."

"Motar maƙwabci ce, uwar yara. Gobe zai zo jin magana."

"To ka kwance kaskon ƙasa ka duba mana. Ba kai ka ce min idan faifan kuloci sun cinye ana ganin garinsu a ciki ba? Idonka ai bai mutu ba."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Motar da ake magana tawa ce, da safen nan na kai masa ita.

Mai Hanci bakanike ne, aikinsa giyar otomatik kawai. Yana da rumfa a ƙarshen layin gareji, tsakanin mai walda da wani mai faci da ba ya rabo da rediyo. Ya manyanta. Gajere ne, kafaɗarsa ɗaya ta ɗan sauka saboda shekarun kwanciya ƙarƙashin mota, kuma ko ranar hutu ka gaisa da shi sai hannunka ya ɗauki santsi. Ya fara ne da aikin inji kamar kowa. Lokacin da motoci marasa kuloci a ƙafa suka fara yawa, sauran kanikawa suna gudunsu, shi ya tsaya ya koya, ya ɓata 'yan kaɗan, ya gyara da yawa. Da wannan aikin ya aurar da 'ya'yansa mata, ya rage daga shi sai matarsa a ɗaki biyu da ɗan tsakar gida.

Sunan kuwa daga yadda yake karɓar mota ya samo shi. Ba ya taɓa sifana sai ya ga mai. Zai zaro gejin auna man giya, ya ɗiga man a farin ƙyalle, ya duba, sannan ya kai hanci ya lumshe ido. A nan kowa ke zuba masa ido. In ya ce "bai ƙone ba", mai mota ya yi ajiyar zuciya, don magana ta tsaya a canjin mai da filta. In ya ce "ƙauri", to sai a sauke giyabos a buɗe, kuma mai mota ya fara tunanin abin da zai sayar a gida. Direbobi daga nesa suke zuwa don wannan lumshe idon.

Abin da ban sani ba sai ranar, hancin ya daɗe da tafiya. Daga baya na haɗa zancen: wata mura mai zazzaɓi ce ta kwantar da shi shekarun baya, ya warke, ƙanshi da wari ba su dawo ba. Matar ta gane ne ranar da ta bar shi gadin tukunya, ta dawo ta tarar hayaƙi ya cika kicin, shi yana zaune a bakin ƙofa yana yanke farce.

Yawancin motoci ba su ba shi wahala. Man da yake ja garau kamar maganin tari, lafiyayye ne. Wanda ya yi baƙi ƙirin da ɗigo-ɗigo a ƙyalle, ko makaho ya san ya ƙone. Wanda ya koma kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga. Duk waɗannan ido ke yankewa, sai ya sansana don cika al'ada. Matsalar ita ce na tsakiya, man da ya yi ruwan ƙasa: zai iya zama tsufa kawai, zai iya zama faifan ciki ne suka fara toyewa. Irin wannan sai ya naɗe ƙyallen a leda, ya zura a aljihu, ya ce, "Sai mai ya kwana a ƙyalle yake faɗin gaskiya." Har wasu kanikawa a layin sun fara kwaikwayonsa, suna kwanar da ƙyalle, ba su san gida ake kai wa a sansana ba.

Tawa ta tsakiya ce. Da safe in na sa ta a D, giyar tafiya, sai ta yi shiru kamar ba da ita nake ba, sai can ta shiga da ɗan bugu. A hanya kuma, wajen canza giya, injin ya yi ta kuka motar ba ta ja, sannan ta kama. Wani ya riga ya ce min giyabos ya mutu, in nemi wani. Ban da halin nema.

Washegari na je garejin da fuskar wanda bai ji komai ba.

"Maƙwabci, ka zo? Zauna," in ji shi, bai kalle ni ba. "Bari mu sake dubawa."

Ya sa na zaga da ita har ta ɗauki zafi, ya ce in tsayar a inda ƙasa take daidai, kada in kashe. Ya shiga ya taka birki, ya bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗan jira a kowace, ya mayar P, giyar fakin. Ya zaro geji ya goge, ya mayar har ƙarshe, ya sake zarowa. Ya nuna min da farce.

"Ka ga layin zafi nan. Ka ga inda manka ya tsaya. Ya yi ƙasa sosai. In mai ya gaza, famfo iska yake haɗawa da shi, ƙarfin matse faifan ya ragu. Shi ya sa take jinkiri, shi ya sa take sulɓewa."

Ya durƙusa da ƙyar, yana dafa taya, ya leƙa. Akwai danshi a bakin tiyon da ke kai mai wajen sanyaya. Nan take yoyo.

"To a ƙara mai kawai?" na ce.

"In ba ta riga ta ci kanta ba. Tun yaushe take haka?"

"An ɗan jima."

"Kowa an ɗan jima," in ji shi. "Faifan da ya daɗe yana sulɓewa toyewa yake. In ya toye, ko tankar mai ka zuba mata asara ce."

Mai faci ya rage rediyo ya matso, mai walda ya ɗage gilashinsa. Akwai direbobi biyu da ke jiran layi a benci.

"Oga, a sa hanci mana, mu ji hukunci," in ji mai faci. "Maƙwabcin nan naka tun ɗazu yake zufa."

Mai Hanci ya ɗiga man a sabon ƙyalle. Ruwan ƙasa ne, da sauran ja-ja a gefe. Ya kai hanci, ya lumshe ido. Na kalli fuskarsa sosai. Ban ga ƙarya a cikinta ba, gajiya na gani, irin ta mutumin da yake ƙwanƙwasa ƙofar gidan da ya san an tashi. Ya daɗe a haka fiye da yadda ya saba.

Sifana tana nan kan benci, kaskon ƙasa kuma ƙusoshi kaɗan ne. Da ya kwance ya duba abin da ya taru a ciki da kan maganaɗisun da ke kama garin ƙarfe, da kafin azahar mun san inda muka tsaya. Ya fi kowa sanin haka. Amma duk bakaniken da ke layin zai iya kwance kasko. Shi kaɗai ne ake tsayar da aiki a zo a kalli hancinsa.

"Hayaƙin waldar nan ya cika min kai," ya ce, ya buɗe ido. "Kai ma ba ka tashi aiki sai an zo sansana mai?"

"Yau kuma ni ne?" in ji mai walda, aka yi dariya.

Ya naɗe ƙyallen a leda. "Ka bar ta, maƙwabci. Zuwa yamma."

Da yamma ban ji faɗa ba. Magana ce ƙasa-ƙasa, kuma ita ta fi shiga kunne.

"Mutum ɗaya," in ji ta. "Ban ce ka hau kan mota ka yi shela ba. Mutum ɗaya dai ya sani daga bakinka."

"Me zai ƙara miki?"

"Ban sani ba. Na gaji ne, malam."

Na yi ta juya abin. Da ciwon kai ne damuwarta, da tuni ta daina. Da tona shi take so, maganarta ɗaya a gidan biki ta isa. Ina jin tun da 'ya'yan suka watse, wannan ledar ce kaɗai abin da yake kawo mata ya tsaya yana jiran abin da za ta ce. Ta iya aikin kuwa, har ta fara bambanta man da ya tsufa da wanda ya soma toyewa tun kafin ya yi baƙi. Ba ta so a daina. So take a ce wani a duniya ya san tana yi.

Na ji ƙarar leda. Sai muryarta, a gajarce, ban kama kalmar ba.

Ba a jima ba aka taɓa ƙofata. Yana tsaye da rigar aikinsa, bai ko wanke hannu ba. A bayansa ƙofarsu a buɗe take, labulen ya ɗan karkace, ana ganin gefen zaninta. Cikin duk mutanen da ya sani, ni ya zaɓa, kuma na gane dalili: ya san kaurin ginin gidan nan kamar yadda na sani. Ya zaɓi wanda ba abin da zai faɗa masa sabo.

"Bismillah, shigo," na ce.

"A'a, a tsaye nake." Ya share wuya, ya ɗaga murya yadda za ta kai tsakar gida. "Uwar yara ta ce manka bai ƙone ba. Ita ke sansana min yanzu, ni nawa ya daina. Gobe mu canza tiyo, mu sa filta da sabon mai irin na motar, mu gani."

Labulen ya koma daidai. Ya ɗan jira, sannan ya matso har ina jin warin man a jikinsa, ya sauke murya.

"Amma ba sai zancen ya je gareji ba, maƙwabci. Saura kaɗan in ajiye aikin."