Murafan Kwalbar Malam Muftahu

Yana cikin jera murafan kwalba a kan tebur, kamar kowace safiya, sai ɗaya ya gangara ƙasa. Kowane murfi mako guda ne na zangon karatu, jajayen kuwa makonnin bita. Malam Muftahu ya ɗauko shi, ya rasa gurbinsa.

Ɗan unguwar Maamobi ne, a makarantar allon kawunsa ya tashi, inda ba a wanke wa yaro allo sai ya riƙe, kuma Laraba ranar tilawa ce. Da ya zama malamin lissafi na aji shida a wata makarantar Islamiyya ta unguwar Nima, sai ya taho da wannan hali. Bara ya bi littafin manhajar ƙasa shafi bayan shafi, bai lura an jera shi fanni-fanni ba, malami ne zai raba fannonin cikin makonni. Ya zauna kan lambobi har zango ya ƙare, jarrabawa ta zo da siffofi da awo, yara suka yi ta kallon rufi. Bana Madam Rafi'atu, shugabar makarantar, ta ce ko tsarinsa ya taɓa kowane fanni, ko a ba wani malami, Ishawu, ajin.

Ta shigo ta tsaya a kansa. Ya nuna mata: rabi da kwata dole su riga kashi cikin ɗari, don haka ya sa jan murfi tsakaninsu, wani bayan awo, wani gab da jarrabawa. Ta ce yawancin malamai a ƙarshe suke tara bita. Ya ce abin da aka bari wata biyu ba a waiwaya ba, ba bita ake masa ba, sabon koyarwa ne.

"To Malam, na hannunka fa?"

Darasin tattara ƙidaya da zana jadawali ne. Ya tura shi nan, awo ya faɗo. Ya tura shi can, ya hau hutun tsakiyar zango.

Madam ta karɓi murfin ta ɗora shi a kan ja na farko. Ta ce yara su ƙirga masu zuwa makaranta a ƙafa da masu hawa motar haya ta trotro, su zana, sannan su faɗi rabi ne ko kwata. Sabon darasi ya shiga, tsohon kuma an waiwaye shi.

"Wannan makon kenan bita ne ko karatu?"

"Duka. Ajinka ne, rubuta ka kawo kafin azahar."

Ya daɗe yana duban murfin da ke goye da ɗan'uwansa. Da kawunsa na raye, da shi ma bai san sunan da zai ba wannan mako ba. Aka kaɗa ƙararrawa. Ya rufe teburin da jarida kada iska ta taɓa jerin, ya ɗauki alli, ya fita yana ƙirga makonnin da yatsu.