Wayar da Alhaji ya liƙa a rada

Mijin yayata yana da shago a bayan Kasuwar Creek Road, inda muke gyaran rada da rediyon jiragen ruwa. Kowa na kiransa Injiniya. Ni Alhaji nake ce masa, domin Makka dai ya je, makarantar injiniya kuwa ko ƙofarta bai taɓa gani ba. Ni ma ba wani boko na yi ba. Shekara ɗaya na yi a foliteknik rayuwa ta koro ni, na ƙare da ƙarfen liƙi da dalma a hannu. Bambancinmu shi ne ni na san iyakata.

'Yar abokina ce ta zo ta dagula masa lissafi. Ubanta mutumin Kudancin Kaduna ne, mun yi dako tare a tashar jiragen ruwa, ɗaki ɗaya muka kama a Mile One, shi ya tafi coci ranar Lahadi ni in tafi masallaci ranar Juma'a, har Allah ya yi masa rasuwa. Yarinyar ta karanta injiniyan lantarki, ta gama, ta yi ta yawo da takardu babu aiki, ga uwa da ƙanne suna kallon hannunta. Ni na roƙi Alhaji ya ɗauke ta. Ya yarda ne don ya riƙa nuna wa masu jirage cewa har mai digiri yana da ita a ƙarƙashinsa. Ya kuma gaya mata tun ranar farko: a shagon nan baki ɗaya ne, nasa.

Wata rana wani kyaftin na jirgin da ke jan baji, manyan kwale-kwalen ƙarfe na dakon kaya, ya shigo yana fama da gumi. Ya ce radarsa ta ishe shi. In ya sa ta a gajeren bugu, wanda da shi ake shiga ƙananan rafuka, sai allon ya cika da ɗige-ɗige.

"Oga Injiniya, na so so san-san," in ji shi. Wato yashi ne ko'ina.

Ga wanda bai san rada ba, abin ba wuya. Tana jefa bugu ne, ta kunna wuta farat ɗaya ta kashe farat ɗaya, sannan ta saurari amsa-kuwwar da za ta dawo daga ƙarfe ko gaɓa ko kwale-kwale. Akwai dogon bugu na hangen nesa, akwai gajere na kusa. A cikin akwatin radar kuma akwai filta, wato matatar amsa-kuwar, iri biyu, mai faɗi da matsattsiya. In ka zaɓi gajeren bugu, na'urar da kanta take komawa mai faɗi. In ka zaɓi dogo ta koma matsattsiya. Na shekara ina ganin haka ban taɓa tambayar dalili ba.

Alhaji ya buɗe akwatin a kan tebur, ya tura hula ƙeya, ya yi ta leƙe kamar mai neman ƙwarƙwata. Can ya gano cewa in filta ta tsaya a matsattsiya, yashin yana ɓacewa. Sai ya ɗauko guntuwar waya.

"Turawan nan ma wani lokaci ba su da tunani," ya ce. "Ƙofa ce suka bari a wangale, datti na shigowa. A rufe ta, shi ke nan."

Yarinyar ta ce, "Alhaji, don Allah a yi haƙuri. In aka ɗaure ta a matsattsiya, gajeren bugun ya tashi aiki. Amfilifayar gaba ce, mai ƙara wa amsa-kuwa ƙarfi, ta gaji, ita ke ƙara yashin. Ita za a canja."

"Sai an yi odarta, wata guda. Mutum na son jirginsa jibi."

"To a gaya masa gaskiya."

"Ke da wa kike magana?"

Ta jawo wani kwalin batir, ta zana masa abin, ni kuma ina gefe ina kallo. Ta fara zana akwati mai kusurwa huɗu, tsaye ƙyam: bugun ke nan, wuta ta zo, ta tsaya, ta ɗauke. Ta ce akwai lissafin da ke warware kowace irin sigina ya nuna firikwensi nawa, wato kaɗawa masu sauri daban-daban, aka haɗa aka yi ta, kamar ka ɗanɗana miya ka lissafa kayan da ke ciki. In ka yi wa akwatin nan wannan lissafi, abin da ke fitowa tudu ne babba a tsakiya, sai ƙananan tuddai dama da hagu, suna raguwa suna tafiya. Sunan zanen sinc, wato sin x a raba da x. Ta ɗiga alƙalami inda babban tudun ya sauko ya taɓa ƙasa. Ta ce nisan wurin nan daga tsakiya shi ne ɗaya a raba da tsawon bugun. Bugu mai maikurosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa, megahaz ɗaya. Ka rage bugun sau goma, tudun ya baje sau goma, ya kai megahaz goma, ya kuma yi ƙasa-ƙasa.

"Kamar kwaɓin fulawa ne, Baba," ta ce da ni, don ta ga Alhaji ya fara duba wayarsa. "Ka matse shi ta nan ya bazu ta can. Ba yadda za a yi ka sami bugu siriri kuma firikwensinsa siriri."

Na ce, "To in aka tura faffaɗan tudun ta matsattsiyar ƙofa fa?"

"Tsakiyarsa kawai za ta wuce. Abin da zai fito ta ɗaya gefen ba gajeren bugu ba ne kuma. Kusurwoyinsa sun narke, ya miƙe ya yi tsawo, ƙarfinsa ya ragu. Gajeren bugu na iya raba abu biyu da ke da mita goma sha biyar a tsakaninsu, ɗaya a bayan ɗaya. In ya miƙe ya kai maikurosakan ɗaya, sai sun kai mita ɗari da hamsin. Ƙasa da haka, dunƙule guda za ka gani."

A ranar na fahimci abin da malamin foliteknik ya yi ta rubutawa a allo da bayansa gare mu. Alhaji kuwa hamma ya yi.

"Kin gama wa'azin? Ni tun ba a haife ki ba nake gyaran rada. Tudu, tudu. Nan Fatakwal ne, ba Jos ba." Ya miƙo mini wayar. "Liƙa."

Na ce masa ba zan liƙa ba. Ya ce ai dama hannuna ya fara rawa, ya karɓi ƙarfen ya liƙa da kansa. Dalmar da ya zuba ta kai ƙwayar gyaɗa.

Al'adar Alhaji ita ce gwaji a bakin jeti, matsayar jirage, jirgi a ɗaure. Ya kunna, ya nuna wa mai kaya allo, a tafa, a rabu. A bakin jeti ba abin da ke kewaye da kai sai manyan ƙarafa, ko rada mai ciwon ido za ta gan su. Aka mayar da akwatin cikin jirgin kyaftin, aka kunna, allo ya fito tas kamar farantin amarya. Alhaji ya riƙe ƙugu. Sai dai wannan kyaftin ya sha wuya a hannun masu gyara, ya ce ba zai sallame mu ba sai an ɗan zaga cikin rafi.

Muka shiga mu uku. Da hantsi ne, an yi ruwa an ɗauke, gari garau. Kafin mu hau na ja yarinyar gefe na ce, "'Yata, kome kika gani, ki bar ni in yi magana. Kin san halinsa, kin kuma san abin da ke gida." Ta ce, "To, Baba."

Muka miƙa. A gabanmu akwai boya, irin tulun ƙarfen nan da ke nuna hanya, a bayanta kuma, ba nisa, wani kwale-kwalen katako cike da mata masu kifi da robobinsu. Kyaftin ya dubi ruwa, ya dubi allo, ya sake duban ruwa. A allon, abu ɗaya ne, dogon jirwaye kamar an ja kashin tsuntsu da yatsa.

"Oga Injiniya, where the canoe?"

Alhaji ya ce katako ne, rada ba ta son katako.

Kyaftin ya ce jiya-jiya, da yashin da komai, yana ganin kwale-kwale. Ya ce da a cikin ruwan sama mai ƙarfi ne, da ya kauce wa boyar ya bi ta kan matan nan. Na buɗe baki na fara kame-kame, cewa wataƙila a sake dubawa a shago. Bai ko kalle ni ba. Ya juya wajen yarinyar, don ya ji an ce ita ce mai digirin, ya tambaye ta kai tsaye ko ta san abin da ke faruwa.

Ta dube ni. Sannan ta dubi matan, ɗaya ma tana ɗago mana hannu tana tallar kifi. Ta ce ta sani. Ta sa aka tsayar da radar, ta buɗe akwatin, ta sa fulaya ta datse wayar Alhaji. Aka kunna. Yashi ya dawo, a cikin yashin kuma ga ɗigo biyu, boya daban, kwale-kwale daban. Ta gaya wa kyaftin cewa yashin zai ragu in an canja amfilifaya, amma ba zai tafi duka ba, domin ƙofar da gajeren bugu ke buƙata ta nan hayaniya ma take shigowa.

Kyaftin ya yi dariya har da dukan sitiyari. Alhaji ma ya yi dariya, ya ce ai gwada ta yake yi, haka yake horar da ma'aikatansa. Har ya ce, "Madalla da 'yata."

Muna taka ƙasa ya ce ta kwashe kayanta.

Na bi shi shago na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Rai ta ceta, da sunan shagonka."

Ya ce, "Ta tsinka ni a gaban baƙo. In kai ma ka gaji, ƙofa ba a kulle take ba."

Na je wajen yayata, ta ce ita ba ta shiga harkar shago. Na samu dattawan unguwa biyu, suka je, suka sha shayinsa, suka dawo suka ce mini yaran yanzu sai a hankali, ilimi ba ya hana ladabi. Ko ɗayansu bai tambayi me ya faru da kwale-kwalen ba.

Aikin bai kuɓuce wa Alhaji ba. Shi ya yi odar amfilifayar da ta faɗa, ni na ɗaura, shi aka gode wa. Ita kuwa tana Inugu yanzu, a Abakpa Nike, wajen ƙanwar uwarta, tana koya wa 'yan sakandare lissafi da yamma. In ta kira ni sai ta tambayi hannuna, ko har yanzu yana rawa.

Kwalin batirin yana nan, Alhaji ya manna shi a bango bayan kujerarsa. In baƙo ya zo sai ya nuna da bakin biro, ya ce wannan shi ake kira sinc, sai wanda ya yi zurfi. Rannan na ji yana yi wa wani mai jirgi bayani, wai in ka rage bugu, tudun ma sai ya tsuke. Mutumin yana ta gyaɗa kai. Ni dai na ci gaba da liƙina.