Ƙasa da Sifili

Ban kyauta ba, kuma tun a ranar na sani.

Shekarata ta farko ke nan da koyar da lissafi a Bungudu. Iyalina suna Gusau, ni ina ɗakin haya, ban san kowa ba sai wata tsohuwa mai sayar da ƙanƙara da zoɓo a bakin layinmu. Inna nake ce mata. Da yamma nakan zauna a bencinta. Nan ta taɓa gaya mini cewa har yanzu ana bin ta dubu biyar na firiza. Jikarta tana ajina.

Muka zo kan lambobin da ke ƙasa da sifili, yara suka kasa ganewa. Na ce cikin firiza ma'aunin zafi yakan nuna takwas ƙasa da sifili, in an ɗauke wuta ya hau zuwa uku ƙasa da sifili, sanyi ya ragu ke nan. Suka dube ni kawai. Na ja layi da alli a kan siminti, sifili a tsakiya, dama abin da kake da shi, hagu abin da ake bin ka. Na ce biyu na hagu ya fi biyar na hagu.

Jikar Inna ta ɗaga hannu. "Malam, ai bashin biyar ya fi na biyu yawa."

Tambaya ce mai kyau. Amsarta ita ce, bashin ya fi yawa, shi ya sa mai shi ya fi nisa da sifili, ya fi rashi. Amma gajiya da son a yi dariya suka ja ni. Na tsayar da ita a kan biyar na hagu, na ce, "Nan kakarki take. In ta sayar da ƙanƙarar dubu bakwai ta biya, ina za ta kai?"

Ta taka layin a hankali, ta wuce sifili, ta tsaya kan biyu na dama. Daidai ta yi. Aji kuwa ya gane, ya kuma samo mata suna: Ƙasa-da-sifili.

Ta daina zuwa makaranta. Ni ma na daina bi ta gaban bencin, nakan zaga ta bayan masallaci. Da yamma sai in zauna a ɗaki ina gyaran takardu, babu mai ce mini sannu.

Wata Asabar na je wajen Inna. Yarinyar tana ɗaura zoɓo a leda, ba ta ɗago ba.

"Malam, yau hanya ta biyo da kai?" in ji Inna.

Na durƙusa. "Inna, amana kika ba ni, na kai ta aji aka yi dariya. Ki yafe mini." Na juya wajen yarinyar. "Ke ma ki yi haƙuri. Tambayarki daidai ce, ni ne na ƙi amsawa. Ran Litinin zan faɗi haka a gaban aji, ko kin zo ko ba ki zo ba."