Molon Baba a Taron Malaman Fizik

Aji ɗaya ne muka yi faɗa a kansa, ajin tarminal, wato ajin ƙarshe, na lise, babbar sakandaren garinmu, Buza. Shekara biyu ina riƙe da shi a matsayin malamin kwantaragi, ina kwana gidanmu, ina cin tuwon innata. Kwatsam aka ce tsohon malamina na fizik ya gaji da zaman Tawa, zai dawo gida ya ƙarasa aikinsa. Gurbi ɗaya ne, mu biyu ne. Wanda ya rasa, kwalejin ƙauye za a tura shi ya koyar da ƙananan azuzuwa.

Mutumin nan ya tsane ni tun ina ɗalibinsa, ni ma ban ɓoye masa tawa ƙiyayyar ba. Bai taɓa kiran sunana ba. "Kai, ɗan makaɗi, taho tablo." Babana molo yake kaɗawa a bukukuwa, kowa ya sani, amma shi sai ya faɗe shi kamar yana tofar da ƙasa daga bakinsa. Mu kuwa Mushe muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci, har yau bakina bai iya kiransa da wani abu ba.

Mai duba aikin malamai ya ce ba zai yanke hukunci a ofis ba. Akwai taron malaman fizik na Madawa da Buza da Keita, za a yi shi a Madawa, kowannenmu ya gabatar da darasi a gaban ƴan'uwansa. Ya ba mu batu ɗaya: me ya sa makamashin elektaron a cikin atom yake hawa-hawa, wannan ya halatta, wancan ya halatta, abin da ke tsakani babu? Tambayar da ɗalibai ke yi ke nan duk shekara, mu kuma mu ce musu su haddace.

Na san abin da zan yi tun a ranar. Na tafi wurin Baba, yana zaune a zaure yana gyaran takalmi.

"Baba, aron molo nika so."

Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da kac ce ko taɓa shi ba ka yi? Lakwal za ka kai shi?"

"Can makarantar za ni kai shi."

Bai ƙara tambaya ba. Ya sake masa tsirkiya sabuwa, ya naɗe shi cikin tsohon zane, ya ce kada in bar shi a rana.

Ranar taron mun kai mu ashirin a aji guda, manyan mutane a kan bencin yara, gwiwoyi na dukan tebur. Mushe ya fara. Wallahi ya iya rubutu a tablo, baƙin allon aji, layukansa kamar an ja da zare. Ya jera ƙa'idoji, ya zana matakan haidirojin, ya ce haka aka auna, haka yake, yaro ya riƙe. Dalilin da aka tambaya kuwa ko kusa da shi bai je ba. Aka tafa masa, don tsoho ne kuma rabin ɗakin ɗalibansa ne.

Da na kwance zanen nan, sai wani ya tuntsire da dariya a baya. Mushe ya juya ga mai duba aiki, ya bar Faransanci ya koma Hausa don kowa ya ji daɗinta.

"Ashe biki aka yi? Da an hwaɗa muna, da mun taho da goro."

Na yi kamar ban ji ba. Na zana layi biyu a tsaye a tablo, na ce mu bar atom tukuna, ya yi wuya. Mu ɗauki elektaron ɗaya mu kulle shi tsakanin bango biyu da ba ya iya ƙetarewa, kamar cikin akwati. Mun riga mun koya wa yara cewa elektaron yana da halin igiyar ruwa, yana da zango, wato tsawon da ke tsakanin tozon igiya da na gaba. To igiyar da aka hana fita, dole ta zama sifiri a jikin bango nan da can. Sai na ɗaga molo na ce ga irinta: tsirkiya a ɗaure take sama da ƙasa, bakin nan biyu ba sa motsi, tsakiya kaɗai ke rawa.

Na kaɗa ta sake, ta yi ƙara mai kauri. Gaɓa ɗaya ke nan, daga ɗauri zuwa ɗauri. Na ɗora yatsa a hankali daidai tsakiya, ban danne ba, na kaɗa na ɗage. Ta yi wata siririyar ƙara mai tsabta: gaɓa biyu. Na koma kashi ɗaya cikin uku, ta sake tashi sama: gaɓa uku. Sannan na gusa yatsan kaɗan daga tsakiya, na kaɗa. Tuf. Kamar an bugi buhu.

Na ce kun ji? Gaɓa ɗaya da rabi ba ta zauna, don ƙarshenta zai faɗo a kan ɗauri yana son motsi, ɗauri kuma ba ya motsi. Ɗaya, biyu, uku, babu tsakani. Igiyar da ba a ɗaure ba tana iya ɗaukar kowane zango ta ga dama. Ɗaurin ne ya zaɓe. Elektaron ma kullewar ce ta bar masa wasu zanguna kawai, kowane zango kuma da makamashinsa. Na ƙara da cewa kada yaro ya zaci elektaron ne ke lilo sama da ƙasa; igiyar tana faɗa mana inda ake sa ran samunsa ne, inda ta kumbura an fi samunsa, inda ta tsaya cik ba a samunsa.

Dariya ta mutu. Wata malama daga Keita ta ce in sake na tsakiyar, na sake. Na ga mai duba aiki yana rubutu.

Mushe ya ɗaga hannu kamar ɗalibi, da izgili.

"To, ɗan makaɗi, in ba a kaɗa ba fa? Tsirkiya kwance, makamashi sifiri. Ka manta matakin farko."

Allah ya ba ni shi a hannu, ni kuma ban yi masa da sauƙi ba. Na ce Mushe, tsirkiya in ta yi shiru tana nan, muna ganinta. Amma igiyar elektaron in ta zama sifiri ko'ina, ma'anarta ba a samunsa ko'ina, wato akwatin wofi ne. Muddin yana ciki, mafi ƙanƙanta gaɓa ɗaya ce, kuma gaɓa ɗaya tana da makamashi. Abin da aka kulle ba ya kwanciya. Da na tsaya nan da ya isa. Sai na ce, "Shekara nawa kana koya wa yara akwatin wofi?"

Aka yi "kai!" a ɗakin. Fuskarsa ta yi baƙi ƙirin. Ni kuwa daɗi ya cika ni har wuya, daɗin da na jira tun ina ɗan shekara goma sha bakwai.

Cikin wannan daɗin na juya tablo don in rufe darasi. Ban duba takardata ba, me zan duba? Na ce makamashi daidai yake da wata tsayayyar lamba, h, sau yawan kaɗawa, abin da ke bakin kowane malamin tarminal. Yawan kaɗawar tsirkiya kuma kun ji da kunnenku, ninki ɗaya, ninki biyu, ninki uku. Na zana tsani mai matakai daidai wa daida, na rubuta ɗaya, biyu, uku. Na ajiye alli ina kakkaɓe hannu.

Mushe bai yi sauri ba. Ya tashi, ya gyara babbar rigarsa, ya tako har gabana ya miƙa hannu.

"Ba ni allin."

Na ba shi. Ya tambayi ɗakin, ba ni ba: daga gaɓa ɗaya zuwa biyu, zango ya ragu da rabi, ko? Suka ce i. Zangon elektaron in ya ragu da rabi, gudunsa ya ninka biyu, ko? I. Makamashin abu mai nauyi da ke gudu, rabin nauyi sau gudu sau gudu, wanda ake koya wa yara tun kafin tarminal. Biyu sau biyu?

Tun kafin su amsa na ga kuskurena. Na sani. Na sani tun jami'a, yana rubuce a takardar da ke aljihuna. Ya goge tsanina da gefen hannunsa, ya zana nasa: ɗaya, huɗu, tara, sha shida, tazara tana ƙara buɗewa. Ya rubuta yawan gaɓoɓi, n sau n, h sau h, bisa takwas sau nauyi sau faɗin akwati sau faɗin akwati. Ya ce shi ya sa in ka matse akwatin zuwa rabi, kowane mataki ya ninka huɗu, in kuma ka buɗe shi ya kai girman ɗakin nan, matakan su matsu har ba mai iya ganin tsakaninsu. Ashe ya san abin sarai, bai dai taɓa ganin yara sun cancanci a gaya musu ba.

Sannan ya juyo gare ni.

"Tsirkiya ta ba ka zango, nan aikinta ya ƙare. Kai kuma ka bi ta har gidan biki. Abin da aka gada ba ya ɓoyuwa."

Na ce masa tsohon banza, a gaban mutum ashirin da mai duba aiki. Malamar Keita ce ta riƙe min hannu, don molon na ɗaga.

Bayan mako biyu takarda ta fito. Mai duba aiki ya kira ni gefe ya ce darasina ya fi, amma ajin jarrabawa ba ya ɗaukar kuskure irin wannan, balle bakin da na yi. Aka tura ni wata kwaleji a ƙauyukan Karofane, inda nake koya wa yara yadda ake auna tsawo da yadda ake auna ruwa.

Da na mayar wa Baba molonsa, ya kwance zanen, ya duba tsirkiya, ya kaɗa sau ɗaya.

"Ya yi maka aiki?"

Na ce, "Shi ya kashe ni." Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce lokacin da nake faɗa. Ya naɗe shi ya kai ɗaka, kuma daga ranar bai sake kaɗa shi ina cikin gidan ba.

Bara na shigo Buza ranar kasuwa, na gamu da ƴar maƙwabtanmu da ke tarminal. Ta ce Mushe ya yi musu wani darasi da ba za ta manta ba. Ya zo da katako da ƙusa biyu da waya a ɗaure, ya ɗora yatsa a tsakiya ya kaɗa, ya gusa ya kaɗa, ta yi tuf. Ɗaya, huɗu, tara, in ji ta, tana ƙirgawa da yatsu.

Na ce, "Ya gaya muku inda ya samo?"

Ta ce wani yaro ya ce abin kamar molo, Mushe ya kore shi waje. Ya ce wannan kayan labo ne, ɗakin gwajin kimiyya, ba na maroƙa ba.

Na raka ta har kwanar gidansu, na wuce namu. Baba yana zaure, na ji sautin molo tun daga bakin titi. Da na yi sallama ya ɗora tafin hannunsa a kan tsirkiya.