Ruwan Zafi a Kan Ɗinki

Haihuwata ta fari ba ta zo da sauƙi ba. Muna zaune a unguwar Asawase a Kumasi lokacin, a ɗaki ɗaya cikin gidan haya, shekarun da gari ya cika da zancen Turawa za su tafi. Maigidana ɗaurin goro yake yi a kasuwa. Na yi naƙuda har na galabaita, yaro ya ƙi saukowa, aka kai ni babban asibiti, likita ya tsaga ni daga ƙasan cibiya zuwa mara ya ciro shi da rai.

Ya kamata in zauna a asibiti har a cire zare. Amma dangin maigida suka ce ba a taɓa yanka ragon suna maijego tana wani wuri ba. Suka yi ta sintiri suna roƙo har aka sallame ni ana jibi suna, ɗinki yana jikina.

Nas ɗin da ta sallame ni Batoniya ce, wato 'yar asalin garin, babbar mace, ta iya Hausar Zango, unguwar baƙi irinmu. Ta tsayar da maigidana a gabana ta yi mana bayani.

"Wannan bandeji, ruwa kada ya taɓa shi. Ki goge jiki da tsumma, ki kewaye wurin. Kada a shafa komai, ko mai ko gari. Wanda bai wanke hannu da sabulu ba kada ya kai hannu. Kada ki ɗauki abin da ya fi jaririn nauyi." Ta ɗaga yatsa. "Ciwo kullum raguwa zai yi. In ya fara ƙaruwa, ko wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, ko ya fara tsatsafo da ruwa mai wari, ko jikinki ya yi zazzaɓi, kada ki jira ranar cire zare. Ki taho. Papa, ka ji?"

Maigidana ya ce ya ji. A gabana ya faɗa da bakinsa.

Uwata ta rasu tun ina ƙarama, don haka wadda ta zo zaman jego ƙanwar uban maigida ce, gwaggonsa, daga unguwar Moshi Zango. Ita ta yi wa kusan duk matan danginsu wankan jego, kuma tana ji da hakan. Muna shigowa gida na tarar da garwa a kan murhu tana tafasa, da ganyen darbejiya a ɗaure a gefe.

Na ce, "Gwaggo, an ce kada ruwa ya taɓa ɗinkin."

"Wa ya ce?"

"Nas."

"Nas ta taɓa yi wa ɗiyar Hausawa jego? Tashi, 'yar nan. Jikin maijego ɗanye ne, in ba a gasa shi ba sanyi ya shige ki, ki kumbura. Ke da ba ki ma haihu da kanki ba, an fiɗe ki kamar akuya, ai ke kika fi kowa bukata."

Wannan maganar har yau tana maƙale a wuyana. Na leƙa kabari na dawo da ɗa, a ce ban haihu ba.

Na dubi maigidana, mutumin da aka yi bayanin a kan idonsa. Ya sunkuyar da kai yana gyara hula.

"Ki yi haƙuri," ya ce. "Gwaggo ta fi mu sanin waɗannan abubuwa."

Ya fita masallaci.

Ba ni da ƙarfin tsayuwa, balle na kokawa. Gwaggo da wata tsohuwa suka riƙe ni zuwa banɗaki, banɗakin da duk mutanen gidan ke shiga, mai gansakuka a bango. Ta tsoma ganye a ruwan zafi tana fyaɗa mini a baya, a kafaɗa, a ciki. Na rufe bandejin da hannu biyu, ta ture hannun. Kafin a gama ya jiƙe sharkaf, filasta ta saki. Ta cire shi gaba ɗaya ta yar, ta laƙato man kaɗanya da ta kwaɓa da wani baƙin gari, ta shafe ɗinkin da yatsan da ta gama hura wuta da shi. Ta ɗaure ni da tsohon zane, tamau.

Haka aka yi safe da yamma. Damina ce kuma, irin ta Kumasi wadda ko wanki ba ya bushewa. Zanen nan kullum da danshi a jikina.

Ranar suna gida ya cika. An yanka rago, ana ta tuwo da shinkafa, mata suna shigowa barka suna karɓar yaro hannu zuwa hannu. Ni kuwa tun asuba na ji ciwon ya canza. Da, sai na motsa ko na yi tari yake cizo. Yanzu ina zaune shiru yana bugawa kamar ana kiɗa a ciki. Na faɗa wa gwaggo a kunne.

"Magani ne yake aiki," ta ce. "Saki fuska, mutane na kallonki."

Washegari da hantsi sanyi ya kama ni, haƙora suna haɗuwa. Da ɗaki ya yi shiru na wanke hannu, na kwance zanen, na ɗauki madubi na duba. Ƙasan ɗinkin ya yi ja ya tashi, fatar tana sheƙi, zaren ya nutse cikin kumburi. Jan ya bazu gefe da gefe. Na ɗora bayan hannu na ji zafi kamar gefen tukunya. Ga wani ruwa rawaya a jikin zanen, da ɗan wari. Duk abin da nas ta lissafa, ga shi a jere.

Na kira gwaggo na nuna mata. Ta leƙa ta taɓe baki.

"Ban faɗa miki ba? Sanyi ne ya shiga, don kina noƙewa wajen wanka. Zazzaɓin kuma na nono ne, kowace mace tana yi. Yau zan ƙara wuta."

Maigidana ya shigo cin abinci, na ce, "Malam, ka kai ni asibiti."

"Ranar cire zare ba ta yi ba."

"Cewa aka yi kada a jira. Kana wurin."

Ya dubi ƙofa, inda gwaggo take tsaye. "Bari mu ga zuwa gobe. Kada a ce mun raina ta."

Wato gara cikina ya ruɓe da a ce an raina gwaggo. Na bari ya koma kasuwa, gwaggo ta zagaya ɗora garwa, na lallaɓa bango zuwa ɗakin maƙwabciyata. Bamoshiya ce mai sayar da koko, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. Na ɗage zane ta gani. Ta dafe ƙirji.

"Kai! Wannan ya lalace. Maijego, tashi, kai zai mutu a nan."

Ta goya jaririna, ta fita bakin titi ta tare tasi. Muna fita gwaggo ta biyo mu da ludayi a hannu tana ihu, wai maijego ba ta fita kafin arba'in, wai za a ja wa yaro iska, wai ba a taɓa yi mata irin wannan cin fuska ba. Matan gida suka fito suna kallo. Na shiga mota a duƙe, ina riƙe da cikina.

A asibiti na haɗu da nas ɗin nan. Tana buɗe zanen ta ga baƙin man, sai ta hau ni da faɗa, Tonanci da Turanci da Hausa a haɗe, a gaban kowa.

"Me na faɗa miki? Ku mutanen Zango ba kwa jin magana!"

Ina kwance ina rawar sanyi, ga zagi a kaina. A gida an ce na raina manya, a nan an ce ba na jin magana. Wadda ta yi aikin tana can tana hura wuta, wanda ya ƙyale ta yana can yana ɗaurin goro. Na buɗe baki in yi bayani, kuka ya riga ni. Maƙwabciyata ce ta tare ta.

"Madam, ba shi ya yi ba. An riƙe shi aka yi masa. Shi ya gudo da ƙafarsa."

Nas ta koma kan ɗinkin. Hannunta ya yi laushi bayan nan, amma ba ta ce ta yi kuskure ba. Ba mai cewa.

Likita ya zo ya cire zaren da ke ƙasa, ya buɗe wurin, mugunya ta fito. Ya ce Allah ya taimaka, abin a fata da kitse ya tsaya, bai nutsa ciki ba, amma da an ƙara kwana ana gasawa da labarin ya bambanta. Ba a sake ɗinkewa ba. Aka wanke, aka cusa ƙyallen asibiti mai tsabta, aka ce haka za a riƙa canzawa kullum har nama ya ciko daga ƙasa. Aka kwantar da ni, ana yi mini allurar fenisilin har mazaunaina suka ƙi zama. Ciwon da zai warke cikin mako biyu ya kai ni kusan wata biyu.

Maigidana ya zo da yamma ranar farko, ya tsaya a ƙafar gado da burodi a hannu.

"Ban san abin ya kai haka ba," ya ce.

"Ka sani," na ce. "An faɗa maka, na faɗa maka. Kunyar gwaggo ka ji."

Ya ajiye burodin a gefen gado.

Da za a sallame ni karo na biyu na ce ba zan koma ba sai an ɗauke garwar nan. Ya je ya yi magana, ban san me ya ce ba. Gwaggo ta tattara kayanta ta koma Moshi Zango, tana gaya wa duk wanda ta haɗu da shi cewa wuƙar asibiti ce ba ta da kyau, kuma da an bar ta ta gama gashin da tuni na miƙe. Da yawa sun yarda da ita. An daɗe a dangi ana kirana wadda ta kori gwaggo.

Sauran jinyar ni na yi abata. Nakan tafasa ruwa in bar shi ya huce, in goge jikina da tsumma a cikin ɗaki, in kewaye bandejin. Zanen da zan ɗaura sai na sa masa dutsen guga ya bushe ƙayau. Kowace safiya in maƙwabciyata ta gama sayar da koko sai ta raka ni a canza ƙyalle, ina leƙa wurin tare da nas, ina ganin ramin yana ƙanƙancewa, naman yana fitowa ja mai kyau.

Bayan na warke, maigida ya ce ya kamata in je in ba gwaggo haƙuri don a zauna lafiya. Na ce ya gaya mini laifin da zan ambata in na durƙusa. Ya yi ta tunani bai samo ba. Na je na gaishe ta da Sallah kamar yadda ake gaida manya, na kai mata yaron ta sa masa albarka. Ta jira in faɗi sauran, ni kuma na gyara goyona na yi mata sai an jima.